Wa Zai Bincika? Yadda Hausar Ofis Ke Ɓoye Mai Aiki

Masinja ya fito da takarda, ya manna ta a allon sanarwa na sakatariyar ƙaramar hukuma, ya koma ciki. Kafin ya kai bakin ƙofa ma'aikata sun yi cincirindo, don wata ya yi nisa albashi bai shigo ba. Wani malamin firamare ya matsa gaba ya karanta da ƙarfi saboda waɗanda ke baya. Da ya kai ƙarshe, wani dattijo mai gadi ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Malam, to yaushe za a biya mu?" Malamin ya sake bin takardar da yatsa tun daga sama har ƙasa, ya ɗago kai ya ce, "Wallahi Baba, ba su faɗa ba."

Duk wanda ya taɓa cin albashin gwamnati ya san irin wannan tsayuwa. Takardar da Hausa aka rubuta ta, babu kalmar da mai gadin bai sani ba, amma ya tafi gida bai ƙaru da komai ba. Ga misalin irin jimlar da kan jawo haka. An shirya ta ne don wannan nazari, sai dai kowace gaɓa tata kunne ya saba jin ta a rediyo da takardun ofis:

"Ana sanar da dukkan ma'aikata cewa, biyo bayan gudanar da bincike a kan batun jinkirin biyan albashi, an kai ga cimma matsaya ta aiwatar da aikin tantancewa kafin ci gaba da gudanar da biyan haƙƙoƙi."

Kalma 35 ke nan a numfashi ɗaya. Ayyukan da ke cikinta na gaske uku ne kacal: a bincika, a tantance, a biya. Amma ko ɗaya bai fito a matsayin aikatau ba, wato kalmar da ke nuna aiki. An mayar da su sunaye, sun zama bincike da tantancewa da biya, sannan aka ɗauko wasu kalmomi marasa nauyi, "gudanar da" da "aiwatar da" da "kai ga", aka ɗora musu su kamar kaya a bayan jaki. Idan mai karatu ya nemi aikin, jakin yake fara cin karo da shi.

Masu nazarin rubutu a ƙasashen Turawa sun daɗe da gane wannan ciwo, domin a Turancin ofis ya fi yin ƙamari. A can, abin da aikatau ɗaya zai faɗa game da yanke shawara sai a shimfiɗa shi cikin kalma uku, na bincike kuma cikin kalma huɗu. A 1946 marubucin nan ɗan Birtaniya, George Orwell, ya yi wata maƙala kan siyasa da harshen Turanci, inda ya kwatanta irin waɗannan kalmomi da ƙafar katako: an cire lafiyayyen aikatau, an maƙala suna a jikin wani aikatau na gama-gari don jimla ta yi tsawo ta yi kama da ta masu ilimi. Shekara biyu bayan haka, a 1948, Baitulmalin Birtaniya ya sa wani tsohon babban ma'aikaci, Ernest Gowers, wanda ya taɓa shugabantar hukumar haraji ta ƙasar, ya rubuta wa ma'aikatan gwamnati ɗan littafi kan yadda za su rubuta wa talakawa wasiƙa a fahimce su. Littafin ya karɓu har a wajen ofis, kuma faɗaɗɗen bugunsa na 1954 har gobe ana sake buga shi.

An ma gwada abin a kan mutane. A 1979 wasu masu bincike biyu a Amurka, Robert Charrow da Veda Charrow, suka ɗauki bayanan da alƙalai kan karanta wa masu taya kotu yanke hukunci, suka kunna wa mutanen da aka kira irin wannan aiki, suka ce kowa ya maimaita abin da ya ji da bakinsa. Aikatau da aka mayar suna yana cikin abubuwan da suka gano suna rikita masu sauraro. Da suka sake rubuta bayanan, suka gyara wannan da wasu matsalolin ginin jimla, fahimta ta ƙaru. A watan Oktoba na 2010 kuma Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta takardun jama'a, irin na haraji da na neman tallafi, cikin harshe mai sauƙi. Jagoran da aka tanadar wa ma'aikatan ya ba wannan matsala suna mai dacewa, ɓoyayyen aikatau. Dokar dai ba ta ba kowa damar kai hukuma kotu don ta yi rubutu mai duhu ba, saboda haka nauyin yana kan wanda ya rubuta da wanda ya sa hannu.

Ta ina ciwon Turanci ya shigo Hausa? Ta ƙofar fassara. Yawancin sanarwar gwamnati da ta 'yan sanda da ta kamfanoni a Najeriya da Turanci ake fara rubuta su. Takarda za ta iso ɗakin labarai saura minti ashirin a karanta, mai fassara ba shi da lokacin da zai tsaya ya ce, "Shin me mutanen nan ke nufi?" Sai ya bi ta kalma bayan kalma, ko'ina ya ga aikatau marar nauyi ya sa "gudanar da" ko "aiwatar da", ko'ina ya ga suna ya sa suna. Da aka shekara da shekaru ana jin haka safe da yamma, sai kunne ya ɗauka ita ce Hausar manya. Yanzu har wanda bai fassara komai ba, idan ya zauna rubuta wasiƙar ƙungiyar unguwa, da wannan salon yake farawa. Mutumin da zai ce wa maƙwabcinsa "mun raba taki jiya" shi ne zai rubuta "an samu nasarar gudanar da aikin rabon takin zamani".

Wanda ya buɗe rubutun Abubakar Imam, editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, zai ga bambancin da idonsa. Aikatau ne ke bin aikatau a jere, kowanne da mai shi, kamar yadda Bahaushe ke ba da labari a zaure. Harshen ba ya ƙarancin kalmar aiki ko kaɗan.

A koma kan takardar masinja a gyara ta a hankali. Matakin farko shi ne a nemo kowane aiki a tambaye shi: idan da baki za a faɗa, me za a ce? "Gudanar da bincike a kan batun jinkirin biyan albashi" zai koma "an binciki abin da ya sa albashi ya makara". "An kai ga cimma matsaya ta aiwatar da aikin tantancewa" zai koma "za a tantance". "Ci gaba da gudanar da biyan haƙƙoƙi" kuwa "a biya" ne kawai. Sai sanarwar ta zama:

"An binciki abin da ya sa albashi ya makara. Za a tantance ma'aikata kafin a biya su."

Daga 35 an sauko 17, kuma babu abin da ya salwanta. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, suna ganin taƙaitawa ita ce riba. Ribar da ta fi tana gaba, kuma tana da alaƙa da yadda aka gina Hausa. Aikatau a Hausa ba ya tafiya shi kaɗai, sai da ɗan rakiya a gabansa: ya, ta, sun, muka, za su. Wannan ɗan rakiyar abu biyu yake faɗa a lokaci guda, wanda ya yi aikin da kuma ko an gama ko ana nan tafe. "Sun tantance" da "za mu tantance" kowanne ya nuna mutum, ya nuna lokaci. "Tantancewa" kuwa ba ta da ko ɗaya. Tana iya zama jiya, tana iya zama baɗi, tana iya zama aikin shugaba ko na akawu. Da zarar marubuci ya mayar da ita aikatau, dole ya zaɓi ɗan rakiya, kuma a wajen zaɓin ne tambayar da ya tsallake take tare masa hanya.

Sai dai Hausa ta bar wata ƙofar gudu, wato "an" da "aka" da "za a". Gyaran farko ya fake a bayansu: an binciki, za a tantance. Wa ya bincika? Wa zai tantance? Mai gadin nan har yanzu bai san ofishin da zai nufa ba. Mataki na biyu shi ne a cire "an" duk inda aka san mai aikin, kuma a nan sau da yawa sai marubuci ya ajiye biro ya tashi ya je ya tambayo. Idan ya dawo da amsa, takardar na iya zama haka:

"Sashen kuɗi ya binciki abin da ya sa albashi ya makara. Kwamitin daraktan ma'aikata zai tantance kowa daga Litinin zuwa Laraba a sakatariya. Ranar Juma'a ma'aji zai biya duk wanda aka tantance."

Kalma 32, ba ta ma kai tsawon ta farko ba, amma yanzu akwai masu aiki uku, da wuri, da ranaku. An bar "aka tantance" a ƙarshe domin an riga an faɗi mai tantancewar. Kuma wani giɓi ya bayyana wanda dā yake lulluɓe: tunda sashen kuɗi ya bincika, me ya gano? Kunnen Bahaushe idan ya ji "ya binciki abu kaza" jira yake ya ji "ya gano". A tsohuwar jimlar, "biyo bayan gudanar da bincike" ta wuce sumul, ba wanda ya lura ba a faɗi sakamako ba.

Aikatau irin "bincika" yana da wata ɗabi'a da ke taimaka wa wannan. Ƙarshensa kan canza gwargwadon abin da ke biye: a ce "ya bincika", a ce "ya binciki akawun", a ce "ya bincike shi". Wanda ya fara da "za mu binciki" ya ɗaure kansa, ba zai iya sa aya ba sai ya ambaci wani ko wani abu. "Za mu gudanar da bincike" kuwa cikakkiyar jimla ce da ba ta taɓa kowa ba. Shi ya sa take da farin jini bayan kowace gobarar kasuwa da kowane haɗarin kwalekwale. Ba duk mai faɗin ta ke da niyyar ɓoye wani abu ba, galibi sabo ne. Amma wanda ke son ɓoyewa ya sami mayafi a ɗinke.

'Yar uwarta ita ce "ɗaukar matakan da suka dace". Wannan ta fi wuyar gyara, domin babu aikatau ɗaya da ke kwance a ƙarƙashinta. Matakin na iya zama kora, ko dakatarwa, ko kai mutum kotu, ko gyara famfo. Edita ba zai iya gyara ta daga kan teburinsa ba sai ya buga waya. Idan aka ce masa "za mu dakatar da jami'ai biyu", ya sami labari. Idan aka kasa ba shi aikatau, nan ma ya sami labari, wato hukumar ba ta tsai da abin da za ta yi ba tukuna, kuma haka ya kamata ya rubuta.

Akwai da yawa da gyaransu ba ya ɗaukar daƙiƙa. Gwamna ya kai ziyara asibiti, ya ziyarci asibiti. Majalisa ta bayar da amincewarta ga kasafi, ta amince da kasafi. Kwamishina ya bayar da umarni ga shugabannin makarantu, ya umarce su. An samu ƙaruwar farashin gero, gero ya yi tsada, ko kuma a faɗi daga nawa zuwa nawa kwano ya tashi. Wadda ta fi ciwo a cikinsu ita ce "an samu asarar rayuka". Mutane ne suka mutu, suna da adadi, suna da iyali, kuma wani lokaci wasu ne suka kashe su. Jimlar da ta mayar da mutuwarsu wani abu da "aka samu" ta rage musu haƙƙi.

Wata alamar da ake gane ciwon da ita ita ce jerin kalmomi masu ƙarewa da -n da -r, kowace ta riƙe wutsiyar ta gabanta: shirin inganta tsarin gudanar da harkar rabon kayan tallafin manoma. Idan irin wannan sarƙa ta wuce ƙulli uku, kusan kullum akwai aikatau da aka binne a tsakiya. A nan "raba" ne, kuma tambayar ita ce wa zai raba wa manoma me.

To amma a nan ne ya kamata mai gyara ya yi taka-tsantsan, don shawarar da aka yanka wa Turanci ba duka take shiga Hausa ba. Hausa tana da tarin ayyuka da asalinsu sunaye ne, kuma da "yi" ake faɗin su: yi magana, yi barci, yi aiki, yi sallah, yi haƙuri. Wannan gadon harshe ne, ba kwaikwayon kowa ba, kuma wanda ya ce zai kore shi zai ɓata Hausa. Haka nan idan aiki yana cikin gudana, nahawu ne da kansa ke kawo siffar suna: suna binciken lamarin, yana gyaran gada. Babu laifi a nan, tunda "suna" da "yana" sun riga sun nuna mai yi da lokaci.

"Yanke shawara" ma Hausa ce tsantsa, kuma ba ta da aikatau guda da zai maye gurbinta kamar yadda Turanci ke da shi. Wanda ya mayar da ita "shawarta" ya canza magana, domin shawartar mutum neman ra'ayinsa ne. Inda take zama matsala shi ne idan aka jibga mata kaya, kamar "kai ga matakin yanke shawara", ko kuma idan ta tsaya tsakanin mai karatu da abin da ya faru. "Hukuma ta yanke shawarar rufe kasuwar" ba ta gaya wa mai tumatir ko ya fito gobe ko ya zauna gida ba. In an rufe, a ce ta rufe. In ba a rufe ba, a ce za ta rufe ranar kaza. A bar "yanke shawara" ga inda shawarar ita kanta ce labarin, kamar bayan doguwar muhawara.

Harshen kotu ya fi kowanne buƙatar kula. "Alƙali ya yanke hukunci" da "alƙali ya hukunta shi" ba abu ɗaya ba ne. Alƙali na iya yanke hukunci ya wanke wanda ake ƙara ya sallame shi, alhali "hukunta" horo take nufi. Mai fassarar da ya gajarta ta farko zuwa ta biyu ya ɗaure mutumin da kotu ta saka. "Shigar da ƙara" da "ɗaukaka ƙara" da "bayar da beli" sunayen matakai ne na shari'a, a bar su yadda suke. Ita ma "gudanar da" tana da gurbinta na halal: hukumar zaɓe tana gudanar da zaɓe, jama'a ne ke zaɓa, kuma idan aka ce hukumar "ta zaɓa" an yi mata ƙazafi. Abin dubawa shi ne ko akwai wani shiri na gaske da ake tafiyarwa, mai ma'aikata da jadawali, ko kuwa kalmar cika wuri kawai take yi.

Suna yana kuma da amfani idan ya waiwayi abin da aka riga aka faɗa. "Kwamiti ya binciki ma'ajin. Binciken ya ɗauki wata uku." Jimla ta biyu daidai take, domin ta farko ta gama bayyana wa ya binciki wa. Aikatau ya fara zuwa, sunan ya biyo baya yana nuni gare shi.

Wannan magana ta ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Sashe na 55 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su idan an yi tanadi, sashe na 97 kuma ya ba majalisun jihohi damar ƙara harshen gida a kan Turanci. A Jamhuriyar Nijar, kundin da hukumomi suka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Takardun hukuma da za a rubuta ko a fassara da Hausa ƙaruwa za su yi, kuma Faransancin ofis shi ma ya shahara da jibga sunaye. Salon da sakatarori da masu fassara suka kafa yanzu shi ɗalibai za su tarar su ɗauka a matsayin daidai.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi, kuma kowane darakta ko edita zai iya yin sa kafin ya sa hannu. Ya kira masinja ko mai gadi, ya karanta masa takardar sau ɗaya, ya ce, "Baba, wa aka ce zai yi me, kuma yaushe?" In dattijon ya amsa, a buga hatimi a manna a allo. In ya yi shiru yana duban ƙasa, a mayar wa sakatare da takardar, a ja layi ƙarƙashin kowace "gudanar da" da "aiwatar da" da "ɗaukar mataki", a ce ya nemo aikin da mai aikin kafin a tashi daga ofis.